Babban batir cike da wuta, amma mota ta ƙi tashi

Motar lantarki tana iya kwana da caji kashi 80 cikin 100 a babban batirinta, gari ya waye ta ƙi tashi ƙememe. A danna rimot, ƙofa ba ta buɗe ba. A samu a shiga da ƙyar, a taka birki, a danna maɓallin tayarwa, shiru kake ji. Wani lokaci allon gaban direba zai ɗan haska, ya yi ta ƙyaftawa, ya jero gargaɗi iri-iri a kan birki da sitiyari da tsarin wuta, sannan ya ɗauke ɗif. Mai mota da ya ga haka, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne babban batir ya mutu, kuma ya san kuɗin wannan batir wani kaso ne mai tsoka na kuɗin motar gaba ɗaya. Amma a mafi yawan lokuta babban batir lafiyarsa ƙalau. Mai laifin shi ne wani ɗan ƙaramin batir mai bolt 12, irin wanda ke cikin kowace motar fetur, wanda da yawa daga masu motar lantarki ba su ma san suna da shi ba.

Ba matsala ce ta jefi-jefi ba. Ƙungiyar ADAC ta ƙasar Jamus, wadda ke kai wa direbobi ɗauki idan mota ta mace musu a hanya, tana fitar da ƙididdiga duk shekara a kan abin da ke tsayar da motoci. A rahotonta na 2025, kusan rabin kiran da aka yi mata a kan motocin lantarki, ƙaramin batir ne sanadi. Babban batir da injin lantarkin kansu ba su cika ba da matsala ba.

Zancen ya shafe mu kai tsaye. A watan Nuwamba na 2020 aka ƙaddamar da Hyundai Kona mai lantarki a Legas, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Najeriya, sannan a 2021 hukumar NADDC ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Tun daga lokacin motocin lantarki, sababbi da na hannu, suke ta shigowa, kuma sun tarar da zafin rana da kuma masu gyara da suka ƙware a motar fetur kaɗai. Don haka da Kona ɗin zan yi misali.

Batir biyu a mota ɗaya

Babban batirin Kona yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar, daga gaba zuwa baya. Yana ɗaukar wuta kilowat-awa 64. Kilowat-awa ɗaya shi ne yunit ɗaya a mitar wutar gida ta kati, wato batirin yana riƙe yunit 64. Ƙarfin turin wutarsa ya haura bolt 350, alhali wutar soket ɗin gida ba ta wuce bolt 230 ba. Aikinsa juya injin da ke tura tayoyi, da kuma na'urar sanyaya mota.

Ƙaramin batir kuwa yana cikin bonet, baƙin akwati mai kai biyu, na dalma da ruwan batir kamar yadda aka saba. Girmansa kusan amfiya-awa 45 ne. Idan aka ninka 45 da bolt 12, za a samu wat-awa 540, wato rabin yunit da ɗan ɗoriya. Babban ya fi shi wuta fiye da sau ɗari. Duk da haka ƙaramin ne ke ba da wuta ga makullan ƙofa, da fitilu, da allo, da rediyo, da gilasai, da goge-gilashi, da jakar iska mai kare direba a haɗari, da dukan kwamfutocin da ke tafiyar da motar. Cikin waɗannan kwamfutoci har da wadda ke kula da babban batirin kansa.

A nan gizo ke saƙar. Idan aka kashe motar lantarki, ba a barin wutar babban batir ta yi ta yawo a wayoyi. A cikin akwatin batirin akwai manyan makunnai da ake kira kwantakta, irin waɗanda masu haɗa wutar janareta suka sani a akwatin canja layi. Kwantakta ba da hannu ake danna ta ba. Akwai naɗin waya a cikinta wanda ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta cikinsa, sai ya jawo ƙarfe ya haɗa layin. Da zarar wutar ta ɗauke, sifirin ya ture ƙarfen baya, layi ya yanke. Wutar da ke jan wannan maganaɗisu daga ƙaramin batir take zuwa.

Ga abin da ke faruwa a cikin ɗan lokacin da direba ya danna maɓalli. Ƙaramin batir ya tashi kwamfutoci. Kwamfutar babban batir ta duba zafinsa da ƙarfin wutarsa, ta tabbatar babu wutar da ke zurarewa zuwa jikin mota. Sai a haɗa kwantakta ɗaya, a bar wuta ta fara shiga a hankali ta wata ƙaramar hanya mai rage gudu, don kada ta afka wa na'urar injin lokaci ɗaya ta ƙone bakin makunnan. Idan ƙarfin wutar ɓangarorin biyu ya daidaita, sai a haɗa babbar kwantakta ta biyu. Wanda ya kasa kunne zai ji ƙarar ƙwas-ƙwas daga ƙarƙashin mota, sannan alamar shirin tafiya ta fito a allo. A motoci da yawa kalmar READY ce, a wasu kuma hoton ƙaramar mota ne mai launin kore. Kowane mataki a jerin nan da wutar bolt 12 ake yin sa. Idan ƙaramin batir ya yi sanyi har ya kasa riƙe kwamfutoci ko jan maganaɗisu, babban batir zai ci gaba da zama a kulle da wutarsa. Kamar sito ne cike da buhunan hatsi, amma maigadin da ke riƙe da makulli ya suma a bakin ƙofa.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa jona motar a caji ba ya ceton ta a mafi yawan lokuta. Kafin wuta ta fara shiga, sai motar ta yi musayar saƙo da cajar, ta kulle kan wayar, ta haɗa kwantakta. Motar da kwamfutocinta ba su farka ba, ba za ta iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya hana masu ƙera mota su ɗauko wutar kai tsaye daga babban batir su huta? Amsar ita ce tsaron rai. Dokokin ƙera mota suna ɗaukar duk wutar batir da ta haura bolt 60 a matsayin mai haɗari ga ɗan Adam, kuma bolt 350 na iya kisa nan take. Ana so idan mota tana ajiye, ko makanike na aiki a kanta, ko ta yi haɗari, babbar wutar ta tsaya cikin akwatinta. Kuma a daidai lokacin haɗarin, bayan an yanke babbar wuta, ana buƙatar fitilun gargaɗi su ci gaba da aiki, ƙofofi su buɗe. Sai an sami wata wuta ta daban mara haɗari kafin hakan ya yiwu. Ga kuma dalilin kasuwa: tun shekarun 1950 masana'antar mota ta koma bolt 12, kuma kusan duk wani ƙwan fitila da ƙaramin inji da rediyo da ake ƙerawa a kan wannan ma'auni yake. A ganina tsarin daidai ne. Inda kamfanoni da dama suka gaza shi ne wajen kula da ƙaramin batirin da kuma gargaɗin direba kafin ya mutu.

Wa ke cajin ƙaramin?

A motar fetur altaneta ce ke wannan aiki, bel na juya ta muddin inji na aiki. Motar lantarki ba ta da altaneta. Tana da wata na'ura da littattafan mota ke rubuta sunanta DC-DC, wadda ke ɗaukar wutar babban batir ta rage ta zuwa kusan bolt 14, ta ciyar da kayan wutar mota, ta kuma caja ƙaramin batir. Amma ita ma ba ta samun wuta sai kwantakta ta haɗu. Wato ƙaramin batir yana samun caji ne idan motar tana kan READY, ko tana caji, ko kuma idan kwamfuta ta tashi da kanta don ta ƙara masa wuta.

Wannan na ƙarshen yana buƙatar bayani. Motocin zamani suna farkawa lokaci-lokaci ko da suna ajiye, su auna ƙaramin batir, idan ya yi ƙasa su haɗa kwantakta su ɗan caja shi. A Kona sunan wannan tsari Aux. Battery Saver+, kuma yana da iyaka. Kowane zagaye ba ya wuce minti 20, sannan idan ya yi sau 10 a jere ba a tuƙa motar ba, sai ya daina, domin kwamfutar ta ɗauka batirin ne ke da matsala, ci gaba da ɗura masa wuta ɓarna ce kawai. Haka kuma yawancin motoci suna dakatar da irin wannan taimako idan babban batir ya yi ƙasa sosai. Saboda haka wanda ya ajiye mota da caji kaɗan ya yi doguwar tafiya, ya bar ƙaramin batir ba mai taimakonsa.

Me ke kashe shi? Na farko shi ne zafi. Batirin dalma an auna rayuwarsa ne a kan zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da masu harkar batir ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan wannan yana rage rayuwarsa da kusan rabi. Batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a Turai ba zai kai haka ba a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, balle cikin bonet ɗin motar da ta wuni a rana.

Na biyu shi ne zuƙar wuta a ɓoye, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Motar da ta yi barci yadda ya kamata tana jan wuta kaɗan ƙwarai, a ce amfiya 0.03. A awa 24 ta ci amfiya-awa 0.72, don haka sai ta yi kusan wata guda kafin ta cinye rabin batir mai 45. Amma idan wani abu ya hana ta barci, kwamfutoci suka zauna a farke suna jan, a ce, amfiya 3, rabin batirin zai tafi cikin awa bakwai da rabi. Dare ɗaya ke nan. Abubuwan da ke hana mota barci sun haɗa da ƙofa ko but da bai rufu sosai ba, rimot da aka rataye kusa da inda motar take, manhajar waya da ke yawan tambayar motar halin da take ciki, da kuma kayan da aka ƙara mata daga baya. A nan ƙasar da yawa daga masu mota mai tsada suna sa na'urar bibiya saboda ɓarayi, wasu su ƙara kyamara da manyan sifiku, kuma sau da yawa ana jona su ne a layin da ba ya ɗaukewa ko an kashe mota. Akwai kuma ɗabi'ar zama cikin mota ana jin rediyo ko cajin waya ba tare da an kai ta READY ba. A wannan hali ƙaramin batir kaɗai ke ɗauke da nauyin. Mai motar lantarki da zai zauna jiran wani, gara ya tayar da ita gaba ɗaya ya bar ta a P, tunda ba fetur take ƙonawa ba, ba kuma hayaƙi take fitarwa ba.

Batirin dalma ba ya yafe irin wannan. Duk lokacin da ya sauka ƙasa sosai ya daɗe a haka, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan da ke cikinsa, kuma caji ba ya narkar da shi duka. Sau biyu ko uku ya isa ya rage masa ƙarfi har abada. Motar da aka sayo ta hannu daga waje ta riga ta yi makonni a jirgin ruwa da tashar jiragen, don haka yana da kyau a ɗauka ƙaramin batirinta ya sha wuya tun kafin ta iso.

Na uku shi ne laifin motar kanta. A 2021 wasu motocin Ford Mustang Mach-E sun riƙa barin ƙaramin batir ya mutu alhali suna jone da caji, saboda kuskure a manhajar kwamfuta, sai da aka sabunta ta. Hyundai da Kia da Genesis kuma sun yi kiranye a Amurka a watan Maris na 2024, suka faɗaɗa shi a Nuwamba zuwa motoci sama da 200,000, ciki har da Ioniq 5 da EV6, saboda na'urar da suke kira ICCU. Ita ce ke ɗauke da aikin cajin ƙaramin batir a waɗannan motoci, kuma idan ta lalace sai batirin ya yi ta raguwa har motar ta rasa ƙarfi tana cikin tafiya. Duk wanda zai sayi ɗaya daga cikin waɗannan ta hannu, ya kamata ya bincika da lambar jikin motar ko an yi mata wannan gyara.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda mutuwar ke zuwa ba sallama. Direban motar fetur yana jin batirinsa na tsufa, domin kik yana fara jan ƙafa da safe, makonni kafin ya ƙi gaba ɗaya. Kik yana jan amfiya ɗaruruwa, don haka kullum yana gwada batirin. Motar lantarki ba ta buƙatar irin wannan ƙarfi don ta tashi, saboda haka batirin da ya kusa ƙarewa zai yi ta tayar da ita lafiya lau har ranar da ya kasa. Alamun da ake iya kamawa ƙanana ne: rimot ya fara jinkirin buɗe ƙofa, allo ya ɗauke ya dawo da kansa, agogo ya rikice, caji ya ƙi farawa sai an sake gwadawa, ko gargaɗi barkatai da ba su da alaƙa da juna su fito tare su ɓace tare.

Yadda ake ganewa

A ɗauka wani ya ajiye Kona mai shekara uku a harabar gida a Kano cikin watan Afrilu, babban batir na kan kashi 70, akwai na'urar bibiya a jikinta, ya yi tafiyar mako uku. Ya dawo, rimot bai yi aiki ba.

Matakin farko shi ne shiga. A cikin rimot akwai siririn makullin ƙarfe da ake zarowa, a buɗe ƙofar direba da shi. A wasu motocin ramin makullin yana ɓoye ƙarƙashin ɗan murfi a jikin hannun ƙofa. Bonet ɗin Kona da waya ake jan sa daga ciki, don haka yana buɗewa ko babu wuta. Ba kowace mota ce haka ba. A Tesla Model 3 da Mach-E murfin gaban da lantarki yake buɗewa, shi ya sa aka ɓoye wayoyi biyu a bayan wani ɗan murfi a bamba ta gaba, waɗanda ake jona wa batir daga waje don murfin ya buɗe. Wannan abu ne da ya kamata mai mota ya duba a littafin motarsa tun tana lafiya.

Sai a kawo mitar auna wuta, irin ta masu gyaran rediyo da masu sola, a sa ta a ma'aunin wutar batir na bolt 20, jan tsinke a kan da ke da alamar +, baƙi a kan mai alamar −. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna 12.6 ko 12.7. Idan ya nuna 12.2 ya kai rabi. Ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. A misalinmu, a ce mita ta nuna 10.4. Wannan lamba tana da ma'ana ta musamman. Batirin bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, kowanne na ba da kusan bolt 2.1. Idan ɗaki ɗaya ya mutu, biyar ɗin da suka rage za su ba da kusan 10.5. Don haka akwai zargin ɗaki ya mutu, amma ba a yanke hukunci tukuna, domin batirin da aka zuƙe ƙarƙaf shi ma yana iya nuna haka.

Yanzu a tayar da ita. Ana jona motar lantarki kamar yadda ake jona ta fetur, daga wani batir mai bolt 12 ko ƙaramar na'urar tayar da mota ta hannu. A tabbatar motar a kashe take, wayar caji ba ta jikinta. Jar waya daga + na mataccen batir zuwa + na mai rai. Baƙar waya daga − na mai rai zuwa wani ƙarfe mara fenti a jikin motar lantarkin, nesa kaɗan da batirin, saboda tartsatsi kusa da batir na iya kunna iskar da yake fitarwa. A jira minti biyu ko uku, a taka birki, a danna maɓalli. Idan aka ji ƙwas-ƙwas ɗin nan, alamar shirin tafiya ta fito, babban batir ya buɗe kuma DC-DC ta karɓi aiki. Sai a cire wayoyin, a fara da wadda aka sa a ƙarshe.

Kafin a yi murna, a sake aunawa motar tana kunne. Wannan awo na biyu shi ne ke raba gardama. Idan mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.7, na'urar caji lafiya take, matsalar tana ga batir ko ga wani abu da ke zuƙe shi. Idan kuwa ta nuna 12 da ɗan kai kuma tana raguwa, to ba a cajin batirin, laifin na DC-DC ne ko fis ɗinta ko wayarta. A wannan hali kada a hau titi, domin motar tana tafiya ne a kan ragowar ƙaramin batir, kuma idan ya ƙare kwantakta za ta saki a tsakiyar hanya. Sabon batir ma ba zai magance wannan ba, zai mutu kamar na farkon.

A misalinmu, a ce ta nuna 14.4. Sai a bar motar a READY na aƙalla rabin awa. Ba sai an zagaya gari da ita ba, ba kuma a taka totur, domin DC-DC tana ba da wuta iri ɗaya ko motar na tsaye ko tana gudu. Rabin awa zai ba ta damar sake tashi ne kawai. Cika batirin da ya sauka haka yana ɗaukar awoyi, kuma ya fi kyau a yi shi da cajar batir mai bolt 12. Bayan an cika shi, a cire kan − a bar shi ya kwana shi kaɗai, da safe a auna. Idan ya koma 10.5, ɗaki ya mutu, sai canji. Idan ya tsaya a 12.6 shi kaɗai amma yana zubewa idan an mayar da shi jikin mota, to akwai mai zuƙar wuta. Nan ne mai gyaran wutar mota zai kulle motar, ya jira kamar rabin awa ta yi barci, ya auna abin da take ja, sannan ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya fara da kayan da aka ƙara. A irin labarin Konar nan, abin da ya fi yiwuwa shi ne abubuwan sun haɗu ne: zafi ya raunana batirin, na'urar bibiya tana ja dare da rana, tsarin taimakon ya yi zagayensa 10 ya tsaya.

Abin da ba a yi

Wasu dabarun da muka gada daga motar fetur suna da illa a nan. Ba a tura motar lantarki don ta tashi, babu kulocin da za a saki. Ba a ɗaura mata igiya a ja ta tayoyinta na ƙasa, domin injin yana haɗe da tayoyin, idan suka juya sai ya zama janareta ya tura wuta cikin na'urorin da ba su shirya karɓa ba. Galibi ma giyar tana maƙale a P, birkin ajiya na lantarki yana riƙe, sai wuta ta dawo za su saki. Idan dole a ɗauke ta, a nemi motar ɗaukar mota mai shimfiɗaɗɗen baya.

Ba a kawo wutar babbar mota mai bolt 24. Ba a yin dabarar nan ta cire kan batir mota tana kunne don a gwada ko tana caji, ko a tayar da ita da batirin aro sannan a zare shi a mayar da nata tana aiki. Batirin yana daidaita wutar layin, kuma cire shi na iya aika tsallen wuta zuwa kwamfutocin da kowace ɗaya ta fi batirin tsada nesa ba kusa ba. Juya wayoyi, + a kan −, shi ma ɓarnarsa ke nan. Sannan yawancin kamfanoni suna hana a yi amfani da motar lantarki wajen tayar da motar fetur, saboda jan da kik ke yi ya fi ƙarfin abin da aka tsara wa ƙaramin batirinta da DC-DC.

Mafi muhimmanci, duk wayar da aka lulluɓe da roba mai ruwan goro a cikin motar lantarki, ta babbar wuta ce. Ba a taɓa ta, ba a cire ta, ba a huda ta da tsinken gwaji, ko da motar a kashe take, tunda an ga cewa tana iya haɗa kwantakta da kanta tana ajiye. Idan makanike ya ce, “Alhaji, bari mu sauke babban batirin mu duba,” alhali bai auna ƙaramin ba, amsar da ta dace ita ce, “Malam, fara sa mita a kan na cikin bonet tukuna.”

Wajen sayen sabo, a nemi mai girma ɗaya da na asali, kawunansa a gefe ɗaya, kuma iri ɗaya. Idan motar ta zo da wanda aka rubuta wa AGM, a mayar mata da AGM, domin an saita cajinta a kan irinsa. Babbar lambar ƙarfin tayar da inji da masu shago ke tallata batir da ita ba ta da wani amfani sosai a nan, tunda babu kik. Adadin amfiya-awa da sabuntar batirin su ne abin dubawa, don haka a karanta ranar da aka ƙera shi, a kuma auna shi a shagon. Wanda ya nuna ƙasa da 12.4 ya daɗe a kan kanta. Wasu motocin suna buƙatar a sanar da kwamfuta cewa an sa sabon batir. Yawancin motocin Tesla da aka ƙera daga wajajen 2021 da 2022 kuma sun bar dalma sun koma ƙaramin batirin litiyam mai kusan bolt 16, wanda ba a musanya shi da na kasuwa, kuma lambobin awon da na kawo a sama ba su shafe shi ba.

Wanda zai yi doguwar tafiya ya bar babban batir a wajen kashi 50 zuwa 70, ya ajiye motar a inuwa, ya nisanta rimot da ita, ya sa wani ya riƙa tayar da ita zuwa READY na rabin awa sau ɗaya a mako. Idan akwai tsayayyar wuta ko sola a gidan, ƙaramar caja mai kula da batirin bolt 12 tana yin wannan aiki. A yanayin zafi irin namu, batirin dalma da ya haura shekara biyu ya cancanci a riƙa auna shi duk bayan wata biyu ko uku, da safe kafin a tayar da motar: a buɗe bonet, a rufe ƙofofi, a jira ta yi barci, sannan a sa mita. Idan awon ya riƙa tsayawa ƙasa da 12.3 duk da ana hawan motar kullum, a canja shi kafin bazara ta shigo.